Tambayar injin man gyaɗa: 469 ne, 401 ne, ko 606?

Rabi'atu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya muka yi jarrabawar darasin zaɓen jari, kuma tambaya ta biyu ta raba mana kai, kowa ya fito da tasa amsa. Ga ta kamar yadda ta zo, na mayar da ita Hausa saboda iyayenmu da ke cikin zauren nan. Wani ɗan kasuwa a Maraɗi yana son sayen injin tatsar man gyaɗa. Kuɗin injin jika 5,500, ɗauko shi da kafa shi jika 500. Abin da zai riƙa shigo masa, bayan an cire duk ɗawainiya da haraji: shekara ta 1 jika 1,500, ta 2 jika 2,200, ta 3 jika 2,600, ta 4 jika 1,400. A ƙarshen shekara ta 4 zai sayar da injin jika 1,000. Ribar da yake nema ga kuɗinsa 12% ce a shekara. Aka ce a lissafa VAN, wato darajar yau ta duk kuɗin da za su shigo bayan an cire jarin, a faɗi ko ya saya ko kada ya saya, sannan a nemo TRI, wato kason ribar da harkar kanta ke bayarwa a shekara. Ni 401 na samu. Sanusi ya ce 606. Don Allah wanda ya iya ya raba mu.

Sanusi: Wa alaikumus salam. 606 ɗin nan ina nan a kanta. Na haɗa duk abin da zai shigo: 1,500 da 2,200 da 2,600 da 1,400 da dubun injin, ya ba ni 8,700. Na raba huɗu, 2,175 kowace shekara. Na duba teburin da Mushe ya raba mana, 12% shekara huɗu 3.0373 ne. Na ninka na samu 6,606, na cire 6,000. Layi uku na gama. Ke kin cika shafi guda.

Alhaji Mamman na Tibiri: Ku yaran lakwal kuna wahal da kanku. Mutum ya zuba miliyan shida. Shekara ukku ya kwashi miliyan shida da jika ɗari ukku, uwar kuɗi ta dawo gida. Ta huɗu riba ce zalla, ga kuma inji ya saida. Miliyan biyu da jika ɗari bakwai ya ci. Ina 401 ta hito, ina 606 ta hito?

Laminu: Alhaji ya gama magana 😂 A ba shi 20 bisa 20.

Malam Isufu: Alhaji, barka da yamma. Lissafinka na 2,700 daidai ne a matsayin tarin kuɗi, amma ba shi aka tambayi yaran ba. Zan dawo kanka, don akwai hanyar da za ta fi gamsar da kai. Bari in fara da su.

Rabi'atu, Sanusi, ku ɗauki takarda. Kafin a taɓa na'urar lissafi a fara zana layin lokaci: 0, 1, 2, 3, 4. A ƙarƙashin 0 a rubuta abin da ya fita yau, wato 5,500 da 500, jimla 6,000. Kuɗin ɗauko inji da kafa shi suna cikin jari, domin injin da ke ajiye a kan iyaka ba ya tatsar komai. A ƙarƙashin 1, 2 da 3 a rubuta 1,500, 2,200 da 2,600. A ƙarƙashin 4 akwai kuɗi biyu da suka faɗo a rana ɗaya: 1,400 na aiki da 1,000 na sayar da injin. Su ne 2,400.

Yanzu kowane kuɗi za a dawo da shi zuwa darajarsa ta yau. Wanda zai zo bayan shekara ɗaya a raba shi da 1.12 sau ɗaya, na bayan shekara biyu sau biyu, haka har huɗu.

```
1500 / 1.12   = 1339.29
2200 / 1.12^2 = 1753.83
2600 / 1.12^3 = 1850.63
2400 / 1.12^4 = 1525.24
VAN = 6468.98 - 6000 = 468.98
```

Wato jika 469, ko sefa 468,980 in kuna son cikakken adadi. Tunda ya haura sifili, a rubuta ya saya. Wanda ya yi aiki da tebur mai lamba huɗu bayan ɗigo, 0.8929, 0.7972, 0.7118 da 0.6355, zai samu 469.07. Wannan ɗan bambancin na taƙaita lambobi ne, babu mai gyaran da zai rage maki a kansa.

Rabi'atu: Malam, layi uku na farko daidai suke da nawa. A na huɗu ne muka rabu. Ni na raba 1,400 da 1.12 sau huɗu na samu 889.73, sannan na ba injin layinsa na kansa, na raba 1,000 sau biyar. Tunanina shi ne sai ya gama aikin shekara ta huɗu tukuna zai sayar, to ai an shiga ta biyar kenan.

Malam Isufu: Ba shi layinsa na kansa ba laifi ba ne, ni ma na fi son haka, za ki ga dalili nan gaba. Sau biyar ɗin ne matsalar. Ki ƙirga lokacin da ya wuce, kada ki ƙirga sunan shekara. In ya sayi injin ranar 1 ga Janairun bana, ya sayar ranar 31 ga Disamba ta shekara ta huɗu, shekara nawa ya jira? Huɗu. Ko da washegari ya sayar, an shiga ta biyar da kwana ɗaya, jiran dai shekara huɗu ne. Raba shi sau biyar yana nufin injin ya zauna shekara guda cur a rufe, ba ya aiki, ba a sayar ba. Tambayar ba ta faɗi haka ba. 1,000 a raba da 1.12 sau huɗu 635.52 ne, sau biyar 567.43. Tsakaninsu 68, kuma 469 a cire 68 shi ne 401 ɗinki. Duk sauran aikinki lafiya lau.

Rabi'atu: To maki nawa za su tafi?

Malam Isufu: Wannan sai mai jan biro. Da ni ke gyara, layi ɗaya ne ya karkace kuma hukuncin bai canza ba, kaɗan zan cire.

Sanusi: Malam ni fa ban ga aibun hanyata ba. Ni ma na ce ya saya. Kuma na sake gwadawa yanzu: in na bar injin gefe, na raba 7,700 huɗu, 1,925, na ninka da 3.0373, ina samun 5,847. Naka in an haɗa layukan aiki huɗu 5,833 ne. Bambancin jika 13 kacal a cikin miliyan shida. Wannan har wani abu ne?

Malam Isufu: Abu biyu ka faɗa, ɗaya yana da ɗan gaskiya. Bari in fara da wanda ba shi da ita, wato 606. Da ka zuba dubun injin cikin jimla ka raba huɗu, ka ba mutumin jika 250 na kuɗin inji a shekara ta ɗaya, 250 a ta biyu, 250 a ta uku. Ya karɓi kuɗin injin da bai sayar ba tukuna. Dubu a ƙarshe darajarta 636, dubu a rarrabe darajarta 759. Daga nan kaɗai ka ƙara masa jika 124 da babu su. Ka haɗa da 13 ɗin da ka gano, 137, shi ne tazarar 469 da 606.

Sai maganar 13. Gaskiya ne a wannan tambaya matsakaici ya zo kusa, amma sa'a ce. Manyan kuɗin, 2,200 da 2,600, sun zauna a tsakiya, ƙananan suna farko da ƙarshe, sai kuskuren gaba ya kusan cinye na baya. Ka sauya wurin lamba biyu kawai: a ce 2,600 ta zo a shekarar farko, 1,500 ta koma ta uku. Jimla tana nan 7,700, matsakaicinka yana nan 1,925, amsarka tana nan 5,847. Amma ainihin darajar ta zama 2,321 da 1,754 da 1,068 da 890, wato 6,033. Yanzu kuskurenka ya kai jika 186. Abin da ya fi muni, in babu kuɗin sayar da inji, hanyarka za ta ce kada ya saya don 5,847 bai kai 6,000 ba, alhali amsar ita ce ya saya. Lambar 3.0373 an yi ta ne don kuɗin da ke zuwa daidai wa daida kowace shekara. Da zarar ka ga adadin yana hawa da sauka, ka bar wannan teburin ka koma ɗayan, shekara-shekara.

Sanusi: Na ji ta 606. Amma a ɗakin jarrabawa in lokaci ya ƙure, zan yi matsakaicin in tsira da wani abu.

Malam Isufu: Ka yi shi a gefen takarda don ka san wajen da amsa za ta faɗo, ban hana ba. Layi huɗu dai ba su fi minti uku ba.

Habsu: Ni ban yi wannan jarrabawa ba, bara na wuce wurin. Abin da na lura, wanda ya shirya tambayar da gangan ya zaɓi lambobin. Ku cire injin gaba ɗaya ku gani: 5,833.47 a cire 6,000, saura 166.53 ƙasa da sifili. Wato duk wanda ya manta da dubun nan, ba lamba kaɗai ya rasa ba, hukuncinsa ma ya juye, zai rubuta kada ya saya. Tarkon yana nan. Kuma akwai masu ƙara dubun yadda take ba su raba ta da komai ba, su sami 833.

Malam Isufu: Madalla Habsu. Shi ya sa na ce wa Rabi'atu na fi son a ware wa injin layinsa. In ka narkar da shi cikin 2,400 amsa za ta fito daidai, amma ba za ka ga cewa aikin tatsar man shi kaɗai bai biya 12% ba. Dukan ribar harkar ta rataya ne a kan farashin da wani zai ba da na tsohon inji bayan shekara huɗu, kuma a duk lambobin tambayar ita ce wadda aka fi rashin tabbas a kanta.

Alhaji, yanzu na dawo kanka. Ka manta da rabe-raben nan. A ce miliyan shidan ka ba ƙaninka ne ya yi harkar, da sharaɗin duk abin da ya rage hannunsa na jarinka sai ya haifa maka 12 cikin ɗari a shekara, don haka yake haifa maka a harkar da ka cire shi. Ƙarshen shekarar farko 6,000 ta zama 6,720, ya kawo 1,500, saura 5,220. Shekara ta biyu 5,220 ta zama 5,846, ya kawo 2,200, saura 3,646. Ta uku ta zama 4,084, ya kawo 2,600, saura 1,484. Ka ga a lokacin da kake cewa uwar kuɗi ta dawo gida, har yanzu kana bin harkar kusan miliyan ɗaya da rabi. Ta huɗu 1,484 ta zama 1,662, ya kawo 1,400, saura 262. Sai ya sayar da inji 1,000, a cike gurbin 262, a bar 738 a hannu. Wannan 738 ta ƙarshen shekara ta huɗu ce. Ka raba ta da 1.12 sau huɗu, 469 za ta fito.

Rabi'atu: Kai! Na danna yanzu, 738 a raba da 1.5735, 469 ce. Malam me ya sa ba a koya mana ta haka ba?

Malam Isufu: Ki riƙe ta don duba aikinki, hanya biyu in sun haɗu a lamba ɗaya kin san ba ki yi kuskuren dannawa ba. Kuma ta ba ki kyauta guda: 262 ɗin nan ita ce mafi ƙarancin kuɗin da za a sayar da injin harkar ta tsaya a kan 12% daidai. In an taɓa tambayarki "nawa ne mafi ƙarancin farashin sayarwa da zai sa a karɓi aikin", ga amsar. Ta ɗaya hanyar, 166.53 a ninka da 1.5735, ita ce dai.

Alhaji Mamman na Tibiri: To Malam, wagga na gane ta, don haka muke lissahi da yaran shago in an zo rabon shekara. Amma in gaya maka gaskiya, wanda ya rubuta tambayar bai taɓa saida tsohon inji ba. Ni na taɓa riƙe injin niƙa. Da na tashi rabuwa da shi, wanda ya zo kallo ya buɗe shi, ya ce haƙoran sun cinye, ya ce an taɓa naɗe wayar injin, ya taya kuɗin da na ji kamar in kore shi. Ƙarshe kusan kuɗin ƙarhe na amsa. Kuma in naira ta hwaɗi, mutum ya tsallaka Jibiya ya wuce Kano ya ɗauko sabo da araha, wa zai kalli naka na shekara huɗu? Injin miliyan biyar da rabi da ya sha gyaɗa shekara huɗu, in ka samu jika ɗari ukku ka gode Allah.

Habsu: Baba Alhaji, in 300 ne to da ƙyar ya tsallake: 300 a cire 262 saura 38, a dawo da ita yau jika 24. Mutum ya ɗaure miliyan shida shekara huɗu don rarar jika 24.

Malam Isufu: A kula dai, Habsu, 24 ɗin ƙari ce a kan 12% da ya riga ya samu, ba ita ce dukan ribarsa ba. Amma maganarki tana nan: a 300 rarar ta yi sirantar da ko farashin gyaɗa ya ɗan motsa za ta ɓace.

Laminu: Ni tambayata daban ce, kuma ba da wasa nake ba yanzu. Wannan 12% ba kuɗin ruwa ba ne? Mun zauna muna lissafin kuɗi na haihuwar kuɗi.

Malam Isufu: Tambayar ba ta ce ya ci bashin banki ba, ta ce ribar da yake nema. Mutumin da ke sayen wake da kaka ya ajiye ya sayar da bazara, ya san abin da miliyan ɗaya ke kawo masa a shekara. In zai cire kuɗin daga wake ya sa a inji, dole ya auna injin da abin da ya bari. Wannan ma'aunin shi ne 12% a nan. In kuma bashi mai ruwa ya ci, lissafin bai canza ba, hukuncin cin bashin ne ya zama wata magana, ita kuma ta malamai ce, ba tawa ba.

Laminu: To misalin da ka ba Alhaji fa, na ƙaninsa da sharaɗin 12 cikin ɗari? Wannan in a zahiri ne ai ba zai halatta ba.

Malam Isufu: Na yi shi ne don lissafin ya fito fili. Ban ce kowa ya ƙulla irin wannan yarjejeniya ba.

Sanusi: A koma TRI don Allah, can ma ban tabbata ba. Ni na rubuta 15% na tsaya.

Habsu: Ka tsaya a rabin hanya. Ana neman kason da zai mayar da VAN sifili ne, kuma da kuɗi marasa daidaito babu tebur da zai ba ka shi kai tsaye, sai gwaji. A 12% akwai rarar 469, to a hau sama. A 15% layukan su ne 1,304.35 da 1,663.52 da 1,709.54 da 1,372.21, jimla 6,049.62, rara 49.62. Bai kai sifili ba. A 16% su ne 1,293.10 da 1,634.96 da 1,665.71 da 1,325.50, jimla 5,919.27, giɓi 80.73. To sifilin yana tsakanin 15 da 16. Daga rarar 49.62 zuwa giɓin 80.73 tafiyar 130.35 ce, sifili kuma yana bayan 49.62 daga farkonta.

```
TRI = 15 + 49.62 / (49.62 + 80.73) = 15.38%
```

Ya fi 12%, hukuncin ya yi daidai da na VAN. Shawara ɗaya: kada ka ja layin tsakanin 12 da 20 don gudun aiki. Dangantakar ba miƙaƙƙen layi ba ce, in tazarar ta yi faɗi amsar za ta haura gaskiya.

Rabi'atu: Yaya Habsu, ni da na sa injin a shekara ta biyar, TRI ɗina ma ya tafi kenan.

Habsu: Ya tafi, amma in hanyar ta fito a takarda ana ba da makin hanya.

Nafi'u: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Na zuba lambobin a Excel a wurin aiki, -6000 a B1, sauran har B5, B5 kuma 2400. Ya ba ni 418.74. Ko dai Malam ne ya yi kuskure, ko kwamfuta.

```
=VAN(12%;B1:B5)
```

Malam Isufu: Babu wanda ya yi a cikinmu biyu, Nafi'u. Ka ninka 418.74 da 1.12 ka gani. Wannan umarnin yana ɗaukar lambar farko da ka ba shi a matsayin kuɗin ƙarshen shekara ta ɗaya, don haka ya tura komai gaba da shekara guda, har da 6,000 da aka biya yau. Ka fitar da B1 waje:

```
=VAN(12%;B2:B5)+B1
=TRI(B1:B5)
```

Na biyun shi yana son dukan jerin har da B1, kuma zai ba ka 15.38% ko abin da ya yi kusa da ita ƙwarai.

Nafi'u: 468.98. Shi ke nan. Amma ina da wata, kuma a nan ba na jin za mu daidaita. Ni aikin lissafin kamfani nake yi. Sayar da kadara ba ya wucewa haka nan babu haraji. In an rage darajar injin a littafi cikin shekara huɗu, 1,500 kowace shekara, a ƙarshe darajarsa a littafi sifili ce. Ka sayar 1,000, dukanta riba ce a idon ma'aikatar haraji. A 30% na harajin ribar kamfanoni, 300 ta tafi, saura 700. A dawo da ita yau 444.86, VAN ya koma 278. Ni da na zauna jarrabawar 278 zan rubuta.

Habsu: Da ka faɗi, yaya Nafi'u. Tambayar ba ta ba da kason haraji ba, ba ta faɗi shekarun rage daraja ba. Daga ina za ka kawo su? In kuma shekara biyar ake ragewa, 1,200 kowace shekara, a ƙarshen ta huɗu littafi yana nuna 1,200, ka sayar 1,000, asarar 200 ce, haraji ma sauƙi zai yi maka da 60. Ka ga amsar na iya yin sama ko ƙasa, ya danganta da abin da ba a faɗa ba.

Nafi'u: Amma ta ce kuɗin shekara-shekara "bayan haraji" ne, ba ta faɗi haka a kan dubun ba. Wannan shirun yana nufin ba a cire ba.

Malam Isufu: Ko kuma yana nufin mai tambayar bai so a shiga nan ba. A takardar jarrabawa ina tare da Habsu: abin da aka ba ka shi za ka yi aiki da shi, sai ka ƙara jimla ɗaya a ƙasa cewa ka ɗauki 1,000 a matsayin abin da ya rage bayan haraji. A ofis ina tare da kai, in dai mai injin kamfani ne da ke biyan haraji bisa ribar da littafinsa ya nuna. Ko a 278 ɗin ma hukuncin bai juye ba, tunda 700 ta fi 262.

Nafi'u: Hukunci bai juye ba, amma tambaya ce mai rami. Ya kamata a ce an rubuta.

Alhaji Mamman na Tibiri: Ku bar haraji, akwai babban rami da ba ku gani ba. Inji ba ya tatsar iska. Gyaɗar fa? Wanda bai saye ta da kaka ya cika sito ba, da rani sai ya saye ta da tsada ko inji ya kwana. Ga jarkoki, ga bashin da 'yan sari za su ɗauka. Ina kuɗin wannan a cikin miliyan shidanku?

Malam Isufu: Babu su, Alhaji, kuma ka taɓo abin da ke zuwa a irin wannan tambaya in an so a tsananta ta. Kuɗin juyawa ana sa su a shekara ta 0 tare da jari, a dawo da su a ƙarshe tare da kuɗin inji, domin ranar da aka rufe harka za a sayar da abin da ke sito a karɓo basussuka. A ce jika 1,000 ne. Sun fita yau 1,000, sun dawo bayan shekara huɗu da darajar 636 ta yau. Ko sisi bai ɓace ba, amma zamansu a ɗaure ya ci jika 364. VAN ya sauko daga 469 zuwa wajen 105.

Alhaji Mamman na Tibiri: Jika dubu ba ta cika sito ba, Malam. In ka sa abin da ya kamata, ka sa injin a ɗari ukku yadda na ce, harkar ga ta mutu.

Malam Isufu: Da waɗannan lambobin naka, ta mutu, ko da jika dubun aka tsaya: 24 a cire 364. Sai dai mai cika sito da kaka yana sayen gyaɗa da araha, kuma ba mu san ko 2,200 da 2,600 ɗin an lissafa su da farashin kaka ko na rani ba.

Sanusi: Rabi'atu, tambaya ta uku fa, wadda aka ba da inji biyu, ɗaya shekara huɗu ɗaya shekara shida? Ni na kwatanta VAN ɗinsu kai tsaye na zaɓi babba.

Rabi'atu: Takardar tana gida, in na koma bayan isha'i zan turo ta. Malam, kana nan?

Malam Isufu: In wuta ba ta ɗauke ba. Ki turo da lambobin duka, har da kuɗin sayar da kowane inji da shekarar da za a sayar.